Ƙafa Tana So, Jini Bai Shirya Ba

Duk shekara, daga watan Agusta zuwa Oktoba, masassara tana kayar da mutane a Cadakori kamar yadda iskar hadari take kayar da gero. Yara ƙanana ana bi gida-gida ana ba su maganin riga-kafi wata-wata cikin damina, mu kuwa ƴan shekara ashirin sai dai gidan sauro da addu'a. Kuma daidai lokacin ne da yawa daga cikinmu muke neman ƙafafunmu: wani yana shirin konkur na shiga soja ko jandarma, wata tana tunanin jarrabawar motsa jiki ta BEPC ko ta BAC, wani kuma ƙwallo ce kawai take kiransa. Sai ka ga mutum ya gama shan Coartem ɗinsa na kwana uku, zazzaɓi ya sauka, ya ci tuwo ya ji daɗi, washegari ya ɗaura takalmi yana cewa zai rama kwanakin da suka wuce shi.

Akwai wani abokina da ya yi haka shekarar da ta gabaci tawa rashin lafiyar. Kwana biyar da saukar zazzaɓinsa ya bi abokan shirinsa gudun kilomita takwas, don konkur ɗin saura sati uku. Bai kai rabi ba ya yanke jiki ya faɗi bakin wata gona, a amalanke aka maido shi gida. Ya rayu, alhamdu lillahi, amma ya sake kwanciya, kuma ranar da ake tantance mutane shi yana zaune gindin bedi da kofin kunu. Da ya haƙura ya yi sati ukun nan yana tafiya da ƴar sassarfa, wataƙila da ya je ya gwada sa'arsa ko da ba shi da ƙarfinsa duka.

Ni tawa ta zo mini tsakiyar Satumba. Palu ce mai tsanani, wadda sai da aka kwantar da ni aka yi mini allurai ta jijiya kafin a koma ga ƙwayoyi. Kafin nan ina gudun minti arba'in sau huɗu a sati ba tare da na ji komai ba. Ranar da aka sallame ni, daga ƙofar asibiti zuwa inda babur yake sai da na tsaya na dafa bango. Abin da zan faɗa a nan shi ne yadda na koma gudun minti talatin a jere cikin sati goma sha biyu. Tsarin ba ni na ƙirƙira shi ba: rabi daga malamin asibitin da ya duba ni ne, rabi daga tsohon malaminmu na wasanni a kolej, wanda na je na gaishe shi na faɗa masa damuwata.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, saukar zazzaɓi daban, dawowar jini daban. Ƙwayar cutar palu cikin jajayen ƙwayoyin jini take shiga ta hayayyafa ta fasa su, saifa kuma ta tace ta zubar da waɗansu har da waɗanda ba su kamu ba. To waɗannan jajayen ƙwayoyin su ne amalanken da ke ɗaukar iskar da muke shaƙa daga huhu zuwa naman ƙafa. Magani yana kashe cutar cikin kwanaki, amma ɓargo ba ya ƙera sabon jini cikin kwanaki, sai an yi makonni. A awon da aka yi mini ranar sallama, ma'aunin jinina ya nuna 8,9. Namiji baligi ana son ya kai 13, mace 12. Wato kusan kashi ɗaya cikin uku na amalankena ba sa nan, kayan kuwa ba su ragu ba. Zuciya ce take biyan bashin, da yawan bugu. Shi ya sa mai tashi daga palu yake haki a inda da can yana tafe yana waƙa.

Kwanciyar kanta ma tana cin nata rabo. A shekarar 1966, a birnin Dallas na Amurka, an kwantar da samari biyar masu lafiya, ƴan shekara 20, sati uku a gado ba sa tashi. Da suka tashi aka auna, ƙarfin jikinsu na aiki da iska ya ragu da fiye da kashi ɗaya cikin huɗu. Bayan shekara 30 aka sake kiran mutanen nan biyar aka auna su, sai aka tarar sati ukun nan na kwanciya sun fi shekaru talatin na girma rage musu ƙarfi. Su fa lafiyarsu ƙalau, ba palu, ba amai, suna cin abinci. Abin da ya kwantar mini da hankali a labarin shi ne, da aka sa su motsa jiki na sati takwas bayan kwanciyar, ƙarfin ya dawo.

Malamin asibitin ya ce mini abu uku kafin in fita. Na ɗaya, in dawo bayan sati biyu a sake awon jini ko da ina jin garau, domin wanda aka yi wa allurar artesunate wani lokaci jininsa yakan sake faɗuwa tsakanin sati ɗaya zuwa uku bayan magani. In na ga fitsarina ya koma kamar shayi mai kauri ko idona ya yi rawaya, kada in jira sati biyun. Na biyu, ya danna mini ƙarƙashin haƙarƙari na hagu ya ce saifa ta ɗan kumbura, don haka ba kokowa, ba ƙwallo, ba abin da za a buge ni a ciki, har sai ya sake taɓawa ya ji ta koma. Kumburarriyar saifa tana iya fashewa da bugu ɗaya, kuma jinin ciki yake zuba inda ba mai gani. Na uku shi ne wanda ya fi yi mini ciwo. Ya ba ni ƙwayoyin ƙarin jini na wata uku, ya ce:

"Kana zaman fada?"

Na ce ina zama.

"To shayin nan naku shi ka hana jiki ɗaukar maganin. Ka sha ƙwaya da ruwa, ko da ɗan lemun tsami. In ka matsu da shayi, bari sai bayan awa biyu. Haka in ka ci abinci."

Wallahi na fi jin wannan fiye da allura. Amma gaskiya ce: shayi yana riƙe sinadarin ƙarfen da ke cikin abinci da magani. Inna ta ɗauki nata aikin da wake, zogale da rama, da hanta ranar kasuwa in an samu. Ƙwayoyin suna sa bayan gida ya yi baƙi, kada wannan ya tsorata kowa. Ƴan uwana mata, ku abin ya fi shafa, don ga palu ga jinin al'ada na kowane wata. Awon jinin nan kada ku bar shi.

Malaminmu na wasanni shi kuma agogo ya koya mini. Ba agogon tsada ba, na wayar hannu. Kowace safiya, da na farka kafin in tashi zaune, in sa yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, in ƙirga bugun jini minti ɗaya cikakke, in rubuta a bayan kaye. Da lafiyata nakan samu wajen 60. Safiyar farko a gida na samu 88. Ba lambar rana ɗaya ce abin kallo ba, tafiyarta ce: in tana sauka sannu-sannu daga sati zuwa sati, jiki yana gyaruwa. In kuma wata safiya ta haura da goma a kan abin da ka saba gani cikin satin, ranar ba gudu. Ko dai jiya ka wuce gona da iri, ko ba ka yi barci ba, ko wani ciwon yana tafe. In kuma da zafin jiki, to ba ma maganar gudu, sai asibiti a sake gwajin palu, don takan dawo.

Sati biyun farko tafiya kawai na yi. Na fara da minti goma bayan sallar asuba, na riƙa ƙara biyar duk bayan kwana biyu ko uku har na kai talatin. Lokacin ana cikin girbin gero, kuma a nan ne ƙauye ya bambanta da abin da ake rubutawa a littattafan Turawa: su hutu a wurinsu zama ne, mu kuwa wanda aka ce yana hutawa shi ake aika ya ɗauko dami. Ɗaukar dami daga gona zuwa rumbu ya fi sassarfar minti ashirin cin jiki. Malam ya ce in lissafa aikin gona cikin atisaye: ranar da na yi aikin ƙarfi, ta zama ranar gudu, gobe hutu. Baba bai ce komai ba da na faɗa masa, sai ya ba ni aikin ɗaure dammuna a inuwa ya bar wa ƙannena ɗauka.

Ƙarshen sati na biyu jinina ya kai 10,2, bugun safe ya sauko 76, saifa ta ragu. Aka ce in fara sassarfa, ban da tsere.

Ga yadda aka tsara. Kwana uku a sati, Asabar, Litinin da Laraba, kullum da ranar hutu a tsakani. Kowane fita ina farawa da tafiyar minti biyar, in rufe da tafiyar minti biyar. A sati na uku, sassarfa minti ɗaya, tafiya minti biyu, sau takwas: gudun duka minti takwas ke nan. A sati na huɗu, biyu da biyu sau shida, minti goma sha biyu. A sati na biyar, sassarfa uku tafiya biyu sau biyar, minti goma sha biyar. Za ku ji ana cewa kada a ƙara fiye da kashi goma cikin ɗari a sati. Wannan ƙa'ida ta mai nisa ce. Wanda ya fara da minti takwas in ya bi ta, sai wata uku ta wuce bai kai rabin awa ba. Abin da muka riƙe shi ne abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci ɗaya. In ka ƙara mintoci, kada ka ƙara sauri, kada ka ƙara kwanaki.

Saurin kuwa da gaisuwa ake auna shi. A garinmu ba ka wuce mutum shiru, to wannan ya zama ma'auni na kyauta. In ina sassarfa na haɗu da dattijo zai tafi gona, in na iya cewa "Ina kwana Baba, an tashi lahiya, ina gajiya, ya aikin hatsi" a numfashi mai daɗi, saurina daidai ne. In gaisuwar ta tsinke gida uku, na yi sauri, sai in rage ko in koma tafiya. A sati na uku saurin da ya ba ni damar gaisuwa, jakin da ke ɗauke da kara yana iya wuce ni, kuma ya wuce ni. Wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta tsaya ta dube ni ina gudu ina tsayawa, ina duba waya, ta ce:

"Kai ɗan nan, mi ya koro ka ne? In gudu za ka yi ka yi, in tahiya ce ka tahi."

Na ce, "Iya, magani ne."

Ta ce, "Allah shi ba da lahiya," tana kallona kamar ciwon ya hau kai.

Wannan kunyar ita ce ta fi kayar da samari, ba rashin sani ba. Minti ɗaya na gudu a gaban mutanen da suka san kana zagaye gari yana da nauyi. Ni dai na zaɓi hanyar gonaki da duku-duku, kuma ban bi ƴan ƙungiyarmu ba sai a sati na goma, don cikin jama'a ba kai ke zaɓen sauri ba.

A sati na shida ne abin ya nuna mini dalilin duk wannan jan ƙafa. Lokacin bugun safe ya sauko 67, numfashi ya buɗe, ina jin zan iya minti ashirin a jere. Na koma Maradi karatu, na bar rairayin hanyoyin gona mai taushi na koma jar hanya mai tsakuwa da gefen kwalta, tsarin kuma ya kai sassarfa biyar tafiya biyu sau huɗu. A fita na biyu sai ƙwaurina na dama ya fara ciwo ta gefen ciki, daga tsakiya zuwa ƙasa. Na kira Malam a waya. Bai tambaye ni ko ciwon yana da yawa ba, cewa ya yi in zauna in bi ƙashin da yatsa ina dannawa.

"Wuri guda ne da za ka iya rufe shi da kan yatsa, ko ya bazu?"

Na ce ya bazu, ya kai tsawon tafin hannu.

"Tashi ka yi ɗan tsalle da ƙafar ita kaɗai."

Na yi, da ɗan ciwo, amma ba mai soka ba.

Ya ce to wannan gajiyar ƙashi ce da naman da ke manne da shi, ba tsagewa ba. Da a ce wuri ɗaya ne tak, mai zafi in an danna, yana hana tsalle, yana ciwo ko da ana tafiya ko da dare, to ana zargin ƙashi ya fara tsagewa, kuma wannan sati shida zuwa takwas ne ba gudu, wani lokaci fiye, kuma sai an je an duba. Ya bayyana mini cewa zuciya da huhu suna dawowa da wuri, cikin makonni kaɗan, amma ƙashi da jijiyoyi sun fi su nawa ƙwarai. Saboda haka lokacin da ya fi haɗari ba satin farko ba ne, da kake jin rauni kana tsoro. Sati na biyar zuwa na takwas ne, da ƙirji yake ce maka ka warke alhali ƙwauri da agara ba su gama shiri ba. Canjin ƙasa kuma ƙari ne a kan kaya ko da mintoci ba su canza ba; ni kuwa na samu biyun a sati ɗaya.

Abin da aka yi mai sauƙi ne. Kwana huɗu ba gudu, sai tafiya. Sannan na koma baya matakai biyu, zuwa biyu da biyu sau shida, a filin ƙwallo mai ƙasa maimakon gefen kwalta. Na ƙara wani ɗan aiki kullum da yamma: in dafa bango in ɗaga dunduniya in tsaya a kan yatsu in sauko a hankali, sau goma sha biyar, zubi biyu. Sati na bakwai na maimaita minti goma sha biyar. Sati na takwas na sake gwada biyar da biyu sau huɗu, ƙwauri bai ce komai ba, jini kuma ya kai 12,4. Ka'idar ciwon da na riƙe tun daga nan ita ce: ɗan tsami da ke wucewa kafin gobe da safe ba komai, ciwon da ke ƙaruwa ana cikin gudu, ko ya sa ka ɗingishi, ko ka tashi da shi washegari ya fi na jiya, wannan umarni ne na komawa baya.

A nan zan yi maganar da na san ba kowa zai so ba. Cikin masu shirin konkur akwai masu haɗiyar tramol ko diklofenak kafin su fita, wai don kada su ji gajiya. Duk ma'aunin da na lissafa a sama, da ciwo da haki da gajiya ake karanta shi. Wanda ya kashe ciwon da ƙwaya ya fasa ma'auninsa da hannunsa, ƙashin kuwa yana ci gaba da tsagewa ko an ji ko ba a ji ba. Diklofenak kuma a jikin da ya yi zufa bai sha ruwa ba, ƙoda yake ci. Sannan wanda taifot ce ta kwantar da shi, ya duba takardar maganinsa: in ciprofloxacine aka ba shi, maganin nan an san yana raunana agara, har takan tsinke, kuma haɗarin yana iya jimawa bayan an gama sha. In bayan dunduniya ya fara ciwo ko kumburi, a tsaya a je a faɗa wa wanda ya rubuta maganin.

Sauran makonnin sun wuce ba labari. Sati na tara, takwas da ɗaya sau uku. Sati na goma, minti ashirin a jere, karo na farko tun watan Agusta. Na sha ɗaya ashirin da biyar, na sha biyu talatin, bugun safe 61. Lokacin Disamba ta shiga, ɗari ya sauko da ƙurarsa. Ranar da hazo ya rufe gari har ba ka hango ƙarshen fili, nakan bar gudun zuwa gobe, don ƙurar tana tayar da tari. Sanyin kuma yana ɓoye ƙishirwa alhali iskar busasshiya ce, saboda haka launin fitsari nake dubawa: in ya yi duhu, ruwa bai isa ba. Na yi sa'a makonnina sun faɗo cikin sanyi. Wanda nasa suka faɗo a Afrilu ko Mayu, ko cikin azumi, ya ƙara wa kowane mataki sati ɗaya, ya fita da asuba ko bayan shan ruwa. Wanda kuma ya san akwai sikila a gidansu ya nemi sanin nasa jinin kafin ya shiga gudu mai tsanani cikin zafi.

Akwai alamomin da ba a komawa baya mataki biyu a kansu, tsayawa ake yi gaba ɗaya a nemi asibiti a ranar: ciwo ko matsi a ƙirji, zuciya tana bugu ba bisa tsari ba ko tana fizga, jiri har ido ya yi duhu, hakin da bai lafa ba bayan minti biyar na tsayawa, ko ciwo mai tsanani ƙarƙashin haƙarƙarin hagu. Waɗansu cututtukan masu zazzaɓi, har da mura mai nauyi, sukan taɓa naman zuciya ba tare da mutum ya sani ba, kuma gudu ne yake tono shi.

Sauri shi ne na ƙarshe. Sai da na yi sati biyu ina minti talatin ba ƙorafi daga ƙwauri ko bugun safe, sannan na sa rana ɗaya a sati, Laraba, ta gudu mai ƙarfi: tsawon filin ƙwallo sau shida, ina dawowa da tafiya. Duk sati ina ƙara biyu har suka kai goma sha biyu, daga nan na koma zagayen fili cikakke da agogo. In ka haɗa lissafin, daga ranar sallama zuwa ranar da na fara auna kaina da lokacin da ake nema a jarrabawa, wata huɗu ne da ƴan kwanaki. Wanda palunsa mai sauƙi ce, kwana uku ya sha ƙwaya a gida bai kwanta asibiti ba, zai iya taƙaita tafiyar farko zuwa sati ɗaya, ya tsallake wani matakin in bugun safe da gaisuwa sun yarda, ya gama cikin sati biyar ko shida.